Yadda ake binciken tsaron sistam ɗin akawu: wa ke shiga, wa ke canzawa, ina kuma bakof yake

Duk shekara idan aka turo mana sabbin yara ofis, abin da nake fara lura da shi shi ne suna ɗokin su faɗa kan bauca da leja da takardun banki, ba wanda yake tsayawa ya tambayi kwamfutar da ta fitar da lambobin nan ko ita kanta abin yarda ce. To ƙanena, idan kowa zai iya shiga sistam ɗin da sunan wani, ko a canza lissafi ba wanda ya sani, ko kwamfutar ta mutu a rasa komai, duk rahoton da ka ciro daga cikinta ba ka da tabbas a kansa. Shi ya sa ƙa'idar odit ta ISA 315 da aka sabunta a 2019 ta wajabta wa odita ya fahimci sistam ɗin kamfani da irin tsaron da ke kansa. Ni dai na yi aikin nan a masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai da Chalawa, da wajen manyan 'yan kasuwa masu rumbuna, kuma abu ɗaya nake so ya zauna maka a kai: abin da aka faɗa maka da baki ko aka miƙo maka a takarda ba hujja ba ne, sai ka ga an ciro shi daga sistam a gabanka sannan ka gwada shi da wani abu da ya fito daga wani hannu daban.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka fita

Na farko takardar izini daga shugaban kamfanin ko daraktan kuɗi, a rubuce, wadda ta ce an yarda a nuna maka jerin masu shiga sistam da tarihin canje-canje da bakof, wato kwafin bayanan da ake ajiyewa don ranar da aka rasa na asali. Kar ka raina wannan, mai kula da kwamfutoci ba zai buɗe maka komai ba sai ya ga sa hannun ogansa, kuma yana da gaskiya. Sai laftof ɗinka mai Excel. Sai takardu uku daga ofishin kula da ma'aikata: jerin duk ma'aikatan da ke aiki yanzu, jerin waɗanda suka bar aiki a cikin shekarar tare da ranar da kowa ya tafi, da jerin waɗanda aka ɗauka ko aka canza wa wurin aiki. Ka ce a sa lambar ma'aikaci a kowane layi. Sai kwamfuta guda wadda ba a aiki da ita, da za a gwada dawo da bakof a kanta, wannan kamfanin ne zai samar amma ka sanar da su tun sati guda kafin ka zo. Sai littafi da biro, domin duk wanda ka yi magana da shi za ka rubuta muƙaminsa da rana da abin da ya ce.

Idan kamfanin ƙarami ne ba su da ofishin ma'aikata, ka karɓi takardar biyan albashi ta kowane wata goma sha biyu, duk sunan da ya ɓace daga wata zuwa wata to ya tafi ke nan, ka haɗa jerinka da kanka.

1. Ka fara sanin abin da kake bincika

Ka zauna da babban akanta da mai kula da kwamfutoci minti talatin, ka tambaye su wace manhaja suke amfani da ita, Sage ce ko QuickBooks ko Tally ko SAP Business One, ina bayanan suke zaune, a wata babbar kwamfuta a cikin ofis ko a intanet wajen masu manhajar, kuma su wa ke gyara ta idan ta samu matsala. Ka ce a kai ka ka ga kwamfutar da idonka. Na taɓa tarar da ita a ƙarƙashin teburin kashiya, ƙurar hunturu ta toshe fankarta, ƙofar ofishin a buɗe direbobi na shige da fice suna karɓar kuɗin mai. Ka duba ko ɗakin na kulle, makullin na hannun wa, akwai batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta kafin janareta ya tashi. Wannan matakin ba ya cin lokaci, kar ka daɗe a kai.

2. Ciro jerin masu shiga, a gabanka

A nan yara suka fi yin kuskure. Sai su aika saƙo a turo musu jerin yuza, bayan kwana biyu a turo fayil ɗin Excel tsaf-tsaf, su karɓa su fara aiki. A kwana biyun nan an riga an share duk abin da ba a so ka gani, ko ma ba da mugun nufi ba, mutum ne ya ga odita ya zo sai ya gyara gidansa. Kai ka je ka tsaya a bayan kujerarsa ka ce, Malam don Allah buɗe min wajen yuzoji mu fitar tare. Ka kalli allon, ka tabbatar bai sa wata tacewa da za ta ɓoye wasu ba, ka ƙirga adadin da allon ya nuna, ka ɗauki hoton allon yadda rana da lokaci za su fito a ƙasan kwana, sannan ka tabbatar adadin layukan da ke cikin fayil ɗin ya yi daidai da na allon. Abin da kake so a kowane layi shi ne sunan shiga, sunan mai shi, ko a buɗe yake ko an rufe, irin ikon da aka ba shi, ranar da aka buɗe shi, da ranar da aka yi shiga ta ƙarshe.

Wasu ƙananan manhajojin ba sa fitar da jerin zuwa fayil. Ba komai, ka ɗauki hoton kowane shafi ka kwafe da hannu, yuza talatin ko arba'in ba za su gagare ka ba.

3. Gwada jerin da waɗanda suka bar aiki

Bari in ba ka misali da wata masana'anta a Sharaɗa da na yi wa aiki. Sistam ɗinsu na da yuza 46, guda 38 a buɗe. Ofishin ma'aikata ya ba ni mutum 11 da suka tafi a shekarar. Na zuba jerin yuza a shafi ɗaya, na waɗanda suka tafi a wani shafin da na sa wa suna Tafi, lambar ma'aikaci a ginshiƙin A na kowanne, na sa wannan:

```
=IF(COUNTIF(Tafi!A:A,A2)>0,"DUBA","")
```

Ka yi gwajin da lambar ma'aikaci, kar ka yi da suna. A Kano mutum ɗaya zai zama Muhammad a takardar albashi, Mohammed a sistam, Muh'd a katin aiki, ga Abubakar da kowa ya sani da Habu har aka buɗe masa yuza da haka, in ka dogara da suna kwamfuta za ta ce maka ba kowa alhali suna nan. Idan babu lamba a jerin yuza, ka zauna da wani tsohon ma'aikaci ku bi su ɗaya bayan ɗaya ya faɗa maka wane ne wane.

A cikin goma sha ɗayan nan uku suka fito yuzansu na nan a buɗe. Da yawa daga nan suke tsayawa su rubuta cewa an samu uku ba a rufe ba, amma aikin bai ƙare ba, tambayar ita ce an shiga da su bayan masu su sun tafi? Biyu ba a shiga ba, shigarsu ta ƙarshe ta riga ranar tafiyarsu, wannan sakaci ne amma bai taɓa lissafi ba. Na ukun kashiya ne da ya ajiye aiki ranar 14 ga Maris, amma sistam ya nuna an shiga da sunansa ranar 2 ga Yuni. Na je wajen babban akanta na ce, ranka ya daɗe wannan bawan Allah ya tafi tun Maris, wa ke aiki da sunansa? Ya yi shiru ya kira sabon kashiyan, yaron ya ce ai ranar da ya fara aiki aka miƙo masa takarda da suna da kalmar sirri aka ce ya riƙa amfani da su kafin a buɗe masa nasa, kuma sai farkon Yuni aka buɗe.

To abin da za ka yi a irin wannan shi ne ka fitar da duk abin da aka shigar da wannan sunan daga ranar tafiyar zuwa ranar da aka daina. Manhajoji da yawa na da rahoton da ke nuna wa ya shigar da me, a QuickBooks na kwamfuta Audit Trail ake ce masa, a TallyPrime akwai Edit Log idan an kunna shi. Na ware na biyan kuɗi masu nauyi da duk wanda aka goge ko aka gyara bayan an shigar, suka zama bauca 17, na bi su duka da takardar banki da sa hannun wanda ya amince. Duk sun fito daidai, Alhamdulillahi, amma na rubuta shi a matsayin babbar matsala, domin wata biyu da rabi da kuɗi ya ɓace ba wanda za a iya kamawa, sistam zai nuna sunan mutumin da ba ya nan.

Bayan nan ka juya ta ɗaya ɓangaren, ka ɗauki sabbin yuzojin da aka buɗe a shekarar ka nemi takarda ko imel ɗin da shugaban sashe ya nemi a buɗe, ka duba ranar amincewar ta riga ranar buɗewa, kuma ikon da aka bayar shi ne wanda aka nema. Idan ba su wuce goma ba ka bi su duka. Kar ka manta da waɗanda aka canza wa wurin aiki, su ne suka fi ɓuya, mutum ya tashi daga sito ya koma sayayya aka ƙara masa sabon iko ba a cire tsohon ba, yanzu shi ke odar kaya kuma shi ke shigar da cewa kayan sun iso.

4. Masu manyan makullai da masu riƙe da aiki biyu

Kowace manhaja na zuwa da wani yuza mai iko a kan komai. A QuickBooks sunansa Admin, a SAP Business One manager, idan kuma bayanan na kan SQL Server, wato manhajar da ke riƙe rumbun bayanai, sunan yuzan shi ne sa. Ka tambaya mutum nawa suka san kalmar sirrin kowanne, yaushe aka canza ta, kuma an canza ta bayan tsohon mai kula da kwamfutoci ya tafi? Kar ka tsaya a amsar mutum ɗaya, ka tambayi ƙananan ma'aikata a keɓe, idan sistam ya hana ki gyara rasit ya kike yi Hajiya? Sau da yawa za ka ji an ce ai sai in shiga da na oga. Ka leƙa ƙarƙashin kibod da gefen allo, ana manna 'yar takarda a wurin. A kan babbar kwamfutar kuma ka ce a buga wannan a gabanka, zai nuna su wa ke da cikakken iko a kan injin kansa:

```
net localgroup administrators
```

Sai raba aiki. Ba sai ka bi kowane iko ba, ka nemi haɗi uku masu haɗari: wanda zai iya ƙirƙirar mai kawo kaya ko canza lambar asusun bankinsa kuma ya iya biyansa, wanda zai iya shigar da gyaran leja kuma ya amince da shi da kansa, da wanda zai iya sa suna a albashi kuma ya saki albashin. A kamfanin iyali inda akantoci biyu ne kacal ba yadda za a yi a raba, kar ka rubuta musu shawarar da ba za su iya ba. Abin da za ka nema a madadin shi ne wani na sama, ko Alhajin kansa ko ɗansa da ke kula da kuɗi, yana duba jerin gyare-gyaren leja da canjin asusun banki duk wata yana sa hannu da rana. Idan sun ce yana dubawa, ka ce a nuna maka na wata biyu da kai ka zaɓa.

5. Canje-canjen da aka yi wa sistam

Canji a nan ba shigar da bauca ba ne, ana nufin taɓa yadda sistam ɗin ke lissafi: sabunta manhaja, canza kason haraji, gyara tsarin rahoto, ko shiga cikin rumbun bayanai kai tsaye a gyara lamba. Ka tuna lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, kowane kamfani sai da wani ya shiga ya canza wannan lambar, wanda ya makara ko ya canza wa wasu kaya ya manta wasu, duk takardun cinikin da ya fitar a tsakanin sun fita da kuskure.

Tsarin da kake nema mai sauƙi ne, wani ya nema a rubuce, wani daban ya amince, an gwada a kwafin sistam ba a kan wanda ake aiki da shi ba, mai amfani da shi ya ce ya yi daidai, sannan aka ɗora. Matsalar ita ce idan ka ce a ba ka rajistar canje-canje, za a ba ka waɗanda aka bi ƙa'ida ne kawai, wanda aka yi ta bayan fage ai ba zai shiga rajista ba. Saboda haka ka faro daga sistam ka dawo kan rajista, ba daga rajista zuwa sistam ba. Idan SQL Server ne ka ce mai kula da shi ya gudanar da wannan a kan rumbun bayanan manhajar akawun, ka canza ranar ta zama farkon shekarar da kake bincika:

```sql
SELECT name, type_desc, modify_date
FROM sys.objects
WHERE modify_date >= '2024-01-01'
ORDER BY modify_date DESC;
```

Ka sani cewa wannan ranar canji ta ƙarshe kawai yake nunawa, ba ya faɗin wa ya yi ko sau nawa aka taɓa, kuma ranar da aka sabunta manhaja za ka ga ɗaruruwan layuka da rana ɗaya, wannan ka gwada shi da takardar kuɗin masu manhajar. Abin da ka fi sa wa ido shi ne layi ɗaya ko biyu da suka fito su kaɗai a wata rana, musamman dab da rufe shekara.

A masana'antar nan ta Sharaɗa haka na ga wani layi guda an taɓa shi a tsakiyar Disamba, ba ya cikin rajista. Da muka bi sai ga shi shi ne ke haɗa rahoton masu riƙe da bashin kamfani gwargwadon daɗewarsu. Manajan tallace-tallace ne ya kira mai gyaran manhajar a waya, shi kuma ya shigo daga nesa ta AnyDesk ya mayar da rukunin ƙarshe daga kwana 90 zuwa kwana 120, amma kan rahoton bai canza ba, har lokacin yana cewa sama da kwana 90. Akanta kuwa da wannan rahoton yake lissafa abin da za a ware saboda bashin da ƙila ba zai dawo ba, ka ga duk bashin da ke tsakanin kwana 90 da 120 ya fice daga lissafin bai sani ba. Na fitar da duk takardun bashin zuwa Excel na sake ƙirga kwanakin da kaina, sai da adadin da za a ware ya ƙaru sosai. Wannan ya fi damuna a kan maganar kashiya, domin ya taɓa lambar da za ta shiga rahoton shekara kai tsaye.

Shi ya sa dole ka tambayi yadda masu gyara na waje ke shigowa. A buɗe ƙofar take kullum da kalmar sirri ɗaya, ko sai an kira an buɗe musu an rufe bayan sun gama? Akwai wanda ke zaune yana kallon allon lokacin da suke aiki? Idan manhajar a intanet take kuma kamfanin ba ya iya taɓa cikinta, ka nemi rahoton SOC 1 na masu manhajar, wato rahoton da wani odita na waje ya rubuta kan tsaron sistam ɗinsu, ka duba lokacin da ya shafa ya haɗa da shekararka, sannan ka karanta sashen da ya lissafa abubuwan da aka bar wa kwastoma ya yi da kansa, buɗe yuza da rufewa kusan kullum a can suke. Idan kuma ba rajista ba tarihi ba komai, ka haɗa jerin canje-canjen daga takardun kuɗin mai gyara da imel da saƙonnin waya, ka rubuta a fili cewa ba ka iya tabbatar da cikar jerin ba.

6. Bakof

Idan ka tambaya ana bakof, amsar kullum ita ce e, kullum ma kuwa. Kar ka yi musu, ka ce a nuna maka tarihi. A SQL Server yana nan:

```sql
SELECT database_name, type, backup_finish_date
FROM msdb.dbo.backupset
ORDER BY backup_finish_date DESC;
```

Harafin D na nufin cikakken kwafi, I na abin da ya canza tun cikakken kwafin ƙarshe, L na tarihin shige-da-ficen bayanai. Ka bi ranakun ka nemi giɓi. A ƙananan manhajoji ka buɗe jakar da ake ajiye kwafin ka jera fayilolin da rana, ka kalli girmansu, ya kamata ya riƙa ƙaruwa a hankali, in ka ga fayil ya faɗo daga girmansa na kullum zuwa kusan sifili to fanko ne. A masana'antar nan ta Sharaɗa na samu giɓin kwana 19 a watan Agusta, faifan da ake zubawa ne ya cika, aikin yana faɗuwa kowane dare, saƙon gargaɗin kuma yana tafiya imel ɗin wani ma'aikaci da ya riga ya bar aiki.

Sai ka tambayi ina kwafin yake kwana. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Faifan da ke maƙale da babbar kwamfutar dare da rana ba ya cikin lissafi a wurina, ƙwayar cutar nan da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa tana kulle shi tare da uwar, wutar lantarki in ta dawo da ƙarfi ta ƙone su tare, ɓarawo ya ɗauke su tare. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san abin da ake nufi da komai ya tafi a dare ɗaya. Idan sun ce manaja na tafiya da faifai gida duk Juma'a, ya fi babu, amma ka tambaya an kulle bayanan da kalmar sirri kuwa, domin albashin mutane da lambobin asusunsu na ciki, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Ka duba kuma na shekarun baya, dokar kamfanoni ta ce a adana bayanan lissafi shekara shida, to kwafin shekara biyar da ta wuce akwai manhajar da za ta iya buɗe shi yau?

Yanzu sai babban gwajin, a dawo da bakof ɗin a gabanka. Kai za ka zaɓi ranar, ba su ba. Gargaɗi mai ƙarfi: kar ka taɓa yarda a dawo da shi a kan sistam ɗin da ake aiki, zai danne aikin da aka yi tun ranar, sai a kan kwamfutar gwajin nan wadda ba ta haɗe da netwok ɗin ofis, kuma ma'aikacinsu ne zai danna, kai kallo ne naka da rubutu. Ka duba agogo lokacin da aka fara. Idan ya buɗe ka fitar da Trial Balance na ƙarshen watan da aka riga aka rufe ka gwada da wanda aka buga aka sa wa hannu a lokacin, ka duba lambar takardar ciniki ta ƙarshe ta dace da ranar, ka buɗe asusun kwastoma biyu ko uku ka ga ragowarsu. Ka rubuta awa nawa aka ɗauka, sannan ka tambayi daraktan kuɗi, yallaɓai in kwamfutar nan ta mutu yau kwana nawa za ku iya yi ba ku fitar da kaya ba, kuma aikin kwana nawa za ku iya sake shigarwa da hannu? Idan ya ce kwana ɗaya alhali bakof ɗin da ke wajen ginin na sati-sati ne, ka samu abin rubutawa.

Idan sun kasa samar da kwamfutar gwaji, aƙalla a gudanar da wannan:

```sql
RESTORE VERIFYONLY FROM DISK = 'D:\Backup\accounts.bak';
```

Yana tabbatar da cewa fayil ɗin cikakke ne kuma yana karantuwa, amma bai nuna lissafin da ke ciki daidai ne ba, don haka kar ka rubuta cewa an gwada dawowa, ka rubuta ainihin abin da aka yi.

7. Rubutawa da abin da zai biyo baya

Kowace matsala ka rubuta ta da abu huɗu: me ka gani da lambobinsa, me ya kamata a ce ana yi, me zai iya faruwa ga lissafi, me za a gyara kuma wa zai gyara zuwa yaushe. Kar ka rubuta tsaron shiga ba shi da ƙarfi, ka rubuta cikin mutum 11 da suka bar aiki 3 ba a rufe yuzansu ba, an yi aiki da ɗaya har kwana 80 bayan tafiyar mai shi. Kafin ka kai wa manya ka koma wajen mai kula da kwamfutocin ka karanta masa, wani lokacin yana da hujjar da ba ka gani ba, kuma ba daidai ba ne mutum ya fara jin laifinsa a gaban ogansa.

Sannan ka sanar da shugaban tawagarku tun da wuri, domin sakamakon nan shi ke yanke yawan aikin da ya rage. Inda shiga da canji suka tsaya da kyau, za a iya gwada lissafin da sistam ke yi da kansa sau ɗaya a dogara da shi shekarar duka. Inda suka faɗi kamar a Sharaɗa, duk rahoton da za a yi amfani da shi sai an sake lissafa shi a waje, a ƙara yawan baucar da za a bi, a zurfafa a kan gyare-gyaren leja na ƙarshen shekara. Mu sai da muka ƙara kwana huɗu a kan aikin, muka kuma sa musu ranar da za mu dawo bayan wata uku, ranar na sake tsayawa a bayan kujerar mai kula da kwamfutocin muka fitar da sabon jerin yuza tare, na zaɓi wata ranar Talata aka dawo da bakof ɗinta cikin awa biyu da minti goma.